Kalmar da Hajjo Ba Ta Gani Ba

Akwai wani laifi da masu ilimi ke yi ba su ɗauke shi laifi ba: a ba ka magana ka kai, ka gyara ta a hanya yadda ta yi maka daɗi, mai ita bai sani ba. Wanda ke tafinta ɗan aike ne. In ya fara auna wa mai saƙo nauyin saƙonsa, ya ci amana, ko da bai ƙara harafi ɗaya na ƙarya ba.

Ɗayyabu yana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, suna haya shi da matarsa Hajjo a wani bene kusa da unguwar Kampung Baru. Kafin su zo nan, a Padova ta ƙasar Italiya ya yi digiri na biyu. Can aka haifa musu 'ya, Hanan, can kuma ta rasu a asibitin yara, ba ta kai ga yaye ba. Suka binne ta, suka tattara, suka baro ƙasar. Tun daga nan Ɗayyabu bai yi kuka ba, bai kuma yi dariyar kirki ba. Yana cin abinci, yana salla, yana shiga jirgin ƙasa ya tafi makaranta ya dawo, kamar an ɗora masa jikin wani ya riƙe.

Sai wata ƙungiyar iyayen da suka rasa 'ya'ya a can Italiya ta nemi kowa ya rubuta labarin nasa, za a haɗa littafi. Hajjo ta zauna ta rubuta nata da Turanci, domin Italiyancinta na kasuwa ne da na asibiti. Ta miƙa wa mijinta ya fassara, shi da ya karanci harshen a aji.

Ya kai aikin wani mamak, shagon shayi da abinci da ke ƙasan benensu, ya sa aka kawo masa shayi, ya buɗe kwamfuta. Tun layin farko ya tarar da mararraba. Da Turanci hanya ɗaya ake ba da labari: ta zo, ta zauna, ta tafi. Italiyanci kuwa biyu gare shi. Akwai passato remoto, na abin da ya wuce ya yi nisa aka rufe shi, wanda littattafan labari da na tarihi suka fi tafiya a kai. Akwai kuma passato prossimo, na abin da ya faru amma igiyarsa tana ɗaure da yau, kuma shi ne kusan kaɗai a bakin mutanen arewacin Italiya. Inda Hajjo ta faɗi abin da aka saba yi, yadda yarinyar kan kama mata ɗankwali tana shan nono, wannan ba gardama, yana da tasa siga dabam. Amma haihuwa, da shiga asibiti, da “she died”, dole a zaɓa.

Ya rubuta “è nata”, an haife ta. Ya duba. Wannan ƙaramin “è” ɗin na yanzu ne, yana tsaye a gaban kalmar kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ɗayyabu ya goge, ya sa “nacque”. Ya ji numfashinsa ya daidaita. Haka ya bi labarin duka yana tura shi nesa, har ya iso ƙarshe, wurin rasuwarta, ya rubuta “morì”. Ya gaya wa kansa ai littafi ne, haka ake rubuta littafi. Kuma ba ƙarya ya yi ba, babu malamin nahawun da zai ja masa jan biro. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa bai hau bene ya tambayi mai ɗakin ba.

Ranar Asabar da hantsi Hajjo ta dawo daga kasuwar Jalan Tuanku Abdul Rahman da yadin labule, da dafaffiyar shinkafar da ta yo musu tapau, a ƙunshe cikin takarda. Ta ce ya nuna mata kafin ya aika. Ta zauna a kan tabarma ko mayafi ba ta cire ba, tana bin layukan da yatsa. Ta kai ƙarshe, ta koma sama, ta sake saukowa.

“Malam, ina wurin da ta rasu?”

“Ga shi nan. Morì.”

“Ban san wannan ba.”

“Na littafi ne. Ba za ki ji shi a kasuwa ba.”

“Ni a kasuwa na ji nawa?” Muryarta ba ta tashi ba. “A bakin ƙofar ɗakin na ji. Nas ɗin nan mai gajeren gashi tana gaya wa 'yar'uwarta, ta zaci ba na ji. La bambina è morta, yarinyar ta rasu. Kai kana hanya.”

Ɗayyabu ya ce duk ɗaya ne, ma'anar ba ta sauya ba.

“In ɗaya ne, me ya sa suke da biyu?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya yi mata bayani kamar yana gaban ɗalibai: wannan na abin da ya ƙare ne ya rabu da mai magana, wancan na abin da har yanzu ya shafe shi. Ya ƙara da cewa a kudancin ƙasar ma har abin jiya sukan faɗa da na nesan. Ta bar shi ya gama.

“A kudu muka zauna?”

“A'a.”

“To wa ya ce maka ya rabu da ni?”

Fanka tana juyawa, mai ya fara huda takardar shinkafar.

Ta sake duban allon. “Morta, da ‘a’ a ƙarshe, ko ni na san mace ce. Wannan naka fa? In namiji ne yaya za a ce?”

“Morì.”

“In mace ce?”

“Morì.”

Ta gyaɗa kai. “Ka iya Italiyanci, Malam. Allah ya ƙara basira.”

Ya ce zai gyara, aikin yini ɗaya ne. Da a nan ya faɗa mata gaskiya, cewa “è” ɗin ne ya kasa kallo, wataƙila da sun yi kukan da suke bin juna tare. Amma ya laluba cikinsa bai tarar da komai ba, sai ya ce mata in an sauya, rubutun zai rage kyau.

Hajjo ta tashi ta zuba masa abinci, ta kawo ruwa. Da la'asar ta aika Turancinta kai tsaye ga matar da ke haɗa littafin, ta roƙi a samo wata uwa cikin ƙungiyar ta fassara, ta ce a rubuta shi yadda ake faɗa da baki.

Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ga abin da Ɗayyabu ya rasa. Littafin ya fito, labarin 'yarsa na ciki, babu hannunsa a ko layi ɗaya. Hajjo takan yi hirar yarinyar da matan unguwa, da babarta a waya, amma in ya shigo sai ta koma maganar cefane. Da can in su biyu ne takan kira shi Abban Hanan. Daga ranar bai sake jin sunan a bakinta ba. A duk garin nan mutum ɗaya ce ta san fuskar 'yarsa, ita ma ta daina ambaton ta a gabansa.