Kashi Biyar na Madam Dabora

Gwadabe Lawal mai gyaran injunan masana'anta ne, kuma ba shi da uban gida. Da safe a kira shi Sharaɗa, da azahar Challawa, wani lokaci a yini ba wanda ya tuna da shi. Abin da ke haɗa masa waɗannan wurare tsohon babur ne da ya fi shi sanin ramukan titin Panshekara. Samunsa ba shi da tsari. Wata guda zai ci tsire har ya yi wa maƙwabta tayi, wata biyu kuma ya riƙa yabon amfanin zogale ga lafiya.

Saboda haka ne a farkon bara Malam Kamilu, jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa a ofishin haraji, ya ba shi shawara: ya kintaci ribar shekara, ya riƙa biyan harajinta kaɗan-kaɗan, kada ta taru masa a ƙarshe. Gwadabe ya dubi watan Janairu, wanda bai kawo masa komai ba sai mura, ya ce miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Haraji ya kama wajen dubu ɗari biyu da arba'in, aka raba huɗu, dubu sittin duk wata uku.

"Kintace ne fa," in ji Kamilu. "In kasuwa ta buɗe, ka dawo mu ɗaga. Ƙarshen shekara da abin da ka samu na gaskiya za a yi lissafi."

Kasuwa kuwa ta buɗe. Bayan Babbar Sallah fatu suka cika wata majema a Challawa, gangunan jima suna juyi ba hutu, motocin lantarkin da ke juya su suna ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Wata uku Gwadabe yana warin jima, har matarsa Atika ta ware masa igiyar shanya. Ya sake rufin ɗaki, ya biya kuɗin makarantar yara, ya ci gaba da kai dubu sittin ɗinsa a kan lokaci yana jin kansa mutumin kirki. Zancen komawa a ɗaga kuwa, ya tuna sau biyu, duk yana kan babur.

Ƙarshen Maris, kwana biyar kafin wa'adin miƙa bayanan shekara ya cika, ya baje littafinsa da rasitan waya da na fetur a teburin Kamilu. Aka cire kuɗin da aiki ya ci. Riba ta tsaya miliyan uku da dubu ɗari shida.

"Allah ya sa albarka, Malam Gwadabe. Harajinka dubu ɗari huɗu da talatin da takwas. Ka biya ɗari biyu da arba'in. Saura ɗari da casa'in da takwas."

"Yallaɓai, riba ta ƙaru da rabi, haraji kuma ya kusa ninkawa?"

"Hawa-hawa ne. Na saman ya fi na ƙasan tsada."

A asusun Gwadabe dubu arba'in da ɗaya ne suka tsira daga hidimar Ƙaramar Sallah. In wa'adi ya wuce akwai tara da ƙari, kuma ba takardar shaidar biyan haraji, wadda manyan kamfanoni ke nema kafin su ba shi aiki. Abu ɗaya ya mallaka da zai kawo kuɗin cikin kwana biyar. Ya leƙa ta taga, ga babur ɗin can a inuwar darbejiya, ya karkata a kan ƙafa ɗaya. Bashir bakanike ya daɗe yana tayawa.

Kamilu na ta juya littafin. "Wannan layin da ka sa wa jan biro, 'bashin Almakashi', mene ne?"

Gwadabe ya gyara zama, don an taɓo inda ke masa ciwo. Almakashi sunan da ya laƙa wa Madam Dabora ne, akantar majemar, 'yar Kafanchan mai tabarau a kan hanci. Duk takardar kuɗin aiki da ya kai, sai ta yanke biyar cikin ɗari. Shi kuma, don kada haƙƙinsa ya ɓace, yakan rubuta cikakken kuɗin a littafi, ya ware abin da ta yanke da ja. Jimilla dubu ɗari da sittin.

"Ba ta ce maka haraji ba ne?"

"Ta faɗa. Ai kowa haka yake cewa."

"Ba ta ba ka rasit ba?"

"Tana ba ni wasu takardu." Ya sosa ƙeya. "Suna da kauri. Na naɗe ƙananan kusoshi da su."

Kamilu ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya yi masa bayani a hankali, kamar mai ba mara lafiya magani: doka ce ta sa kamfani ya cire, ya zuba wa hukuma da lambar harajin mai aikin. Kuɗin nasa ne, biya ne tun kafin lokaci. In ya kawo rasitan, za a rage daga abin da ake binsa.

Matsalar ita ce rabuwarsu ta ƙarshe da Madam Dabora. A gaban leburori ya ce mata ko mahauci yana barin wa mai akuya fata.

Washegari ya tsaya a ƙofar ofishinta da ledar lemo a hannu, ya yi sallama da muryar da bai san yana da ita ba.

"A'a, Oga Gwadabe. Wace mota ce ta ƙone? Ko akuyar ce ta dawo?"

"Madam, ni ne na ƙone."

Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ya fi zagi zafi. Sannan ta jawo wani koren fayil daga kabad. Sunansa ne a bango. Rasitai tara, kowanne da lambarsa, an jera su bisa wata.

"Ka tuna ranar da na hana ka cek sai ka kawo lambar haraji? Ka ce na mayar da kai ɗan firamare."

"Na faɗa."

"Da ba lambar, ninki zan cire, kuma yau da sai mu yi ta neman inda kuɗin suka shiga. Na ga yadda kake cusa takarda a aljihu mai baƙin mai, shi ya sa nake ajiye kwafi." Ta buga hatimi a kan kowanne. "Mijina ma walda yake yi. Na san irinku."

Gwadabe ya shirya dogon jawabi a hanya, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya saka da alheri, Madam. Ki yafe ni."

"Amin. Ajiye lemon. Wancan sunan kuma, har masu gadi sun iya shi."

"Zan bi su ɗaya-ɗaya in karɓo."

Ranar Litinin Kamilu ya duba rasitan, ya ga sun dace da abin da ya shigo, ya rage dubu ɗari da sittin. Saura talatin da takwas. Gwadabe ya biya a banki, ya dawo da shaida. Suka zauna kintacen bana, wannan karon da bayanan shekara guda cur a gabansu maimakon na Janairu kawai, tare da lissafin abin da kamfanoni za su cire. Gwadabe da bakinsa ya ce a rubuta masa ranar dawowa a watan Yuli, bayan fatu sun sauka.

Yana fitowa waya ta yi ƙara. Bashir ne.

"Malam Gwadabe, na haɗa kuɗin. In turo a ɗauko?"

"Bar shi, Bashir. Mun shirya da shi."

Dubu uku suka rage masa a duniya. Ya tura babur ɗin zuwa gidan mai na tsallaken titi, ya ce a zuba na dubu biyu da ɗari biyar, ya buga sau huɗu kafin ya tashi, ya nufi Bompai inda aka ce wani injin roba yana wani irin kuka.