Kuɗin Ɗinkin Malama

A shekarar da sallah da komawa makaranta suka zo a jere, kamar sun haɗa baki, Tela ya ƙara wa kowa kuɗin ɗinki, ban da mutum ɗaya.

Ba mugunta ce ta sa ya ƙara ba. Zare ya tashi, zif ya tashi, yadin shafi ya tashi, man janareta kuwa ba a magana. Ga ma'aikatansa biyu, Dogo da Gajere, waɗanda ba albashi suke ɗauka ba: duk rigar da mutum ya ɗinka, yana da kasonsa a cikin kuɗin ɗinkinta. A irin wannan lokaci kowane shago neman hannu yake yi, in ka yi wasa da ma'aikaci sai ka wayi gari ka hango shi a kan keken maƙwabcinka.

Kuma Tela ya iya ƙarin kuɗi, wannan kam a ba shi. Ba ya liƙa takarda a bango, ya ce bango ba ya iya ba da haƙuri. Tun da sauran wata guda yake farawa, yana auna kafaɗar mutum yana yi masa hirar tsadar zare, har mutum ya fara tausaya masa. Sai ya sako maganar a hankali: wanda ya kawo yadinsa da wuri, ɗan abu kaɗan za a ɗora masa, wanda ya bari sai layi ya cika, sabon farashi, wanda kuwa ya zo a ƙurarren lokaci yana haki, sai ya haɗa da kuɗin gaggawa. Mutane su yi ƙorafi, su kira shi mai wuƙar yanka, su biya, su dawo.

Mutum ɗayan nan ita ce Malama. Ta koyar a firamaren unguwa har ta yi ritaya, yanzu jikoki uku ne a hannunta. Lokacin da Tela yake da keke ɗaya a barandar wani, ita ce ta fara miƙa masa yadi mai tsada ba tare da ta tsaya a kansa ba, ita ce kuma ta riƙa turo masa iyayen ɗalibanta har ya kama shago. Yana ƙaunar matar nan kamar yayarsa ta ciki ɗaya, yana kuma jin kunyarta fiye da kowa a duniya. Abin da yake tsoro bai wuce ranar da za ta ɗauke ƙafa daga shagonsa ba.

Bana ba ta zo da wuri ba, ciwon gwiwa ya kwantar da ita lokacin da yake sanar da mutane. Ko da ta shigo, layi ya riga ya cika. Ta dire jaka a kan teburin yanka.

"Kayan makaranta na yara uku, har da Auta, bana zai fara zuwa. Kayan sallarsu. Sai nawa guda ɗaya. Ga kafin alƙalami, kamar yadda aka saba."

Kamar yadda aka saba. Maganar tana bakin Tela, har ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Allah ya ƙara sauƙi, Malama. Yaya gwiwar?"

Matarsa ce mai guga da sa maɓalli a lungun shagon. Tana jira Malama ta fita ta ajiye dutsen guga.

"Baban yara, ban ji ka faɗa mata ba."

"Zan faɗa mata."

"Yaushe? In ta zo karɓa? Wannan ai shi ne yankan baya."

"To ba zan ƙara mata ba. Shike nan? Shagona ne."

"Shagonka ne, amma ba kai kaɗai ke ɗinki a ciki ba," in ji ta, ta ci gaba da gugarta.

Gaskiyarta kuwa. Tela shi ke yanka, ma'aikata su ɗauka su haɗa. Dogo ya leƙa jakar, ya tambayi nawa aka yi, da ya ji tsohon farashi ne sai ya tuna yana da wando shida da bai gama ba. Gajere ko tambaya bai yi ba, fuskar Dogo ta ishe shi. Ba za ka ga laifinsu ba: aiki ɗaya, gumi ɗaya, wa zai ɗauki mai ƙaramin kaso ga mai babba a gabansa? Da Tela ya cika musu daga aljihunsa da an wuce wurin, amma kuɗin hannunsa duk ya zuba a zare da mai, kuma girman kai ya hana shi roƙonsu. Ya ce a bar masa, shi zai ɗinka da hannunsa. Ya ɗora jakar a kan kantar sama, inda ake jibge kaya.

Sai dai mai yanka wa keke biyu a irin wannan lokaci ba ya samun zama. Almakashi ba ya barin hannunsa daga buɗe shago zuwa rufewa. Masu kuɗin gaggawa suna tsaye a kansa, kuma wanda ya biya kuɗin gaggawa ya sayi bakin magana. Kullum ya ɗaga kai ya ga jakar sai ya ce gobe da sassafe. Jakar ta yi ta zama, har aka fara ɗora mata wasu.

Malama ta aiko babbar jikarta, aka ce jibi. Ta sake aikowa, aka ce an kusa. A na uku ta zo da kanta, tana dogara sanda, ana saura 'yan kwanaki sallah. Shagon ya cika, janareta na ruri a waje, ƙyallaye ko'ina a ƙasa. Tela ya share mata benci da hannunsa, ya aika a sayo mata ruwan sanyi, ya yi ta jan gaisuwa kamar gaisuwar za ta ɗinka riga.

Tana zaune wata mata ta shigo karɓar kayan makarantar ɗanta, irin na su Auta sak, launi ɗaya, aljihu ɗaya. Matar mai murya ce. Ta ƙirga cikon kuɗinta a fili, tana faɗin jimillar da ƙarfi, tana cewa bana dai Tela ya yanke su ba tausayi, amma ba komai tunda ya cika alkawari.

Tela yana da allurai a baki, ya ji kamar ya haɗiye su. Malama ta jira matar ta fita. Sannan ta nuna kantar sama da sandarta.

"Sauko mini da jakata."

Dogo ya miƙa hannu ya sauko da ita. Ta buɗe. Yadi yana nan a ninke yadda ta kawo shi, ko alli bai taɓa shi ba. Kekuna biyu suka yi shiru.

"Tela, yaushe ka ƙara kuɗi?"

Ya zare alluran ɗaya bayan ɗaya. "An ɗan jima, Malama."

"Kowa ya sani?"

"Kowa."

"Sai ni."

"Malama, ke ai ba kowa ba ce. Da wane baki zan..."

"Da bakin da kake ce wa jikata jibi." Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi yi masa ciwo. "Ka san abin da na yi ta saƙawa a gida? Na ce ko yaron nan ya gaji da ni ne. Na ce ko ya samu manyan mutane, tsohuwa ta zama kaya. Auta kullum sai ya tambaye ni ina rigarsa ta makaranta. Ashe rangwame ka yi mini. Wa ya roƙe ka? Ka dube ni ka ga ba zan iya biya ba?"

"Wallahi ba haka ba ne. Kunya ce."

"Kunyarka ta bar mini jikoki ba riga."

Tela ya sunkuyar da kai. Ya tabbata ta tafi ke nan, kuma ya san shi ya kore ta da hannunsa, da ladabinsa. Idonsa ya ciko, mutum mai furfura a gemu, a gaban ma'aikatansa.

Malama ta gyara zama, ta dogara sandar a bango.

"To, ina jinka. Nawa ne?"

Ya dubi matarsa. Matar ta ɗaga masa gira. Ya faɗi sabon farashin a hankali, kamar mai faɗin rasuwa.

"Nawa?" Malama ta dafe ƙirji. "Kai! Da zinariya za ka ɗinka? Wandon Auta da bai kai tsawon hannuna ba? Ka ji tsoron Allah, Tela!"

Wani sanyin daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har ƙafa. Wanda zai tafi ba ya ciniki. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba: zif kaɗai nawa ne yanzu, ta je kasuwa ta tambaya, ga mai, ga yaran nan su ma suna da iyali. Ta ce ƙaramin wando ba ya cin zif ɗin babba. Ya ce amma wahalarsa ta fi, hannu ba ya shiga. Suka yi ta ja, har Gajere ya sa baki aka ce ya yi shiru. A ƙarshe ya sauko kaɗan a kan na Auta, ta biya sabon farashi a kan sauran, kuɗin gaggawa kuwa ta ce ko sisi, tunda ba ita ta makara har haka ba. Tela ya ce wannan a wuyansa yake. Kafin ta rufe jakar kuɗinta Dogo ya riga ya ɗauki yadin makaranta yana karkaɗewa, ba kunya ba tsoron Allah.

Sai dai ciniki ba ya ƙara wa rana tsawo. Tela ya dubi abin da ke gabansa, wannan karon ya faɗi gaskiya tun ba a tambaye shi ba.

"Kayan yaran, duka kala shidan, za su fita, in sha Allahu. Naki ne ba zai samu ba kafin sallah. In na ce zai samu, ƙarya na yi."

Malama ta jinjina kai. Ta zaro yadinta daga jakar, ta ninke shi a hammata.

"Zan kai wa yaron can mai ɗinki na tsallaken titi. Na sallar nan kaɗai."

Tun da ya fara sana'a, wani bai taɓa ɗinka mata ko ɗankwali ba. Ya ji abin har cikin ransa, amma ba shi da bakin hanawa. Ya raka ta bakin ƙofa, ya riƙe mata labule. Har ta sauka daga dakali ya kira ta.

"Malama."

Ta juyo.

"Kafaɗarki ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Ki ce masa ya rage ta wannan gefen, in ba haka ba wuyan zai karkace. Kuma kada ya matse hannun, ba kya so."

Ta tsaya tana kallonsa. "Kafaɗata? Tun yaushe?"

"Tun rigar farko."

"Shekara da shekaru, ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ba a taɓa buƙata ba."

Ta yi kamar za ta yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mata, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ɗaga masa sandar.

"Kai dai akwai ka da ɓoye magana. In an tashi wani ƙarin, ni za ka fara faɗa wa, tun ina bakin ƙofa. In zage ka, in biya."

Ya tsaya har ta tsallaka titi da yadinta. Sannan ya koma ciki, ya ture aikin masu gaggawa gefe, ya shimfiɗa yadin Auta a kan tebur, ya ɗauki alli.