Kwafi Biyu na Hukuncin Baban Yara

Shekara takwas da ɓacewar baban yara, kotu ta yanke cewa a ɗauke shi mamaci. Ban yi kuka ba, hawayen sun daɗe da ƙarewa. Amma ofishin filaye suka ce ba za su mayar da takardar gidanmu sunan yara ba sai na kawo kwafin hukuncin mai hatimin kotu. Ƙannensa kuwa har sun fara kawo masu saye suna leƙa mana ɗakuna.

Rajistar kotun tana ƙarƙashin bene, ba taga, fayiloli jibge har rufi. Da tsakar rana ne, amma sanyin wurin ya shiga ƙashina. Akawun, wani siriri mai magana kamar ana karɓar kuɗin kowace kalma, ya dubi wasiƙar neman kwafin da na rubuto.

"Baiwar Allah, wannan ai gaisuwa kika rubuto. Ina lambar shari'a? Ina ranar hukunci?"

Sai da muka yi awa guda muna nema da sunan baban yara da shekarar kafin ya zaƙulo fayil ɗin. Ya zaro wata takarda daga ciki.

"Ga wasiƙar wanda ya iya. Bi tasa layi-layi, ki canza abin da ya shafe ki."

Na zauna a benci ina kwafa. Kwanan wata a sama. Zuwa ga Magatakarda. Lambar shari'a, sunayen da ke cikinta, kotun da alƙalin, ranar hukunci. Alkawarin biyan kuɗin kwafi. A lambar shari'ar na tsaya cak: bakwai ɗin nan mai ƙugiya, mutum ɗaya na sani yana yin ta, baban yara. Na koma kan kwanan watan. Makon jiya ne.

Wurin matsayin mai nema an rubuta: wanda hukuncin ya shafa. Adireshi, gidanmu. A ƙasa ga sa hannunsa, ga sunansa cikakke.

Tsoro ya kama ni, haushi ya biyo baya. Shekara takwas!

"Wa ya kawo wannan?"

"Wani dogo. Bai zauna ba." Ya dubi bangon fayil ɗin, ya dubi wasiƙar. "Takwaran marigayin ne a dangi, ko?"

In na faɗi gaskiya, hukuncin ya shiga ruɗani, gidan kuma ya tafi da shi.

"Eh," na ce. "Takwaransa ne."

Na ci gaba da kwafa, na iso layin yawan kwafi da dalili. Ya rubuta: guda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na uwar yara, don ofishin filaye.

Akawun ya leƙo ya karanta tare da ni, sai ya dafa goshi.

"Au, ke ce? To ajiye biron, an riga an biya."

Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini ambulan. Kowane shafi da hatimi da sa hannun Magatakarda.

"Ɗayan fa?" na tambaya.

"Ya karɓi nasa jiya. A nan ya tsaya ya karanta har ƙarshe, ya ce komai daidai ne."