Awo Na Uku

A asibitin ido inda nake aikin nas, Mai Gaisuwa ake kira na, kuma ba yabo ba ne. Sista, shugabarmu, ce ta laƙaba min sunan tun makona na farko. Shekara biyu ina amsa shi kaina a ɗage. Sau uku tana kai ƙarata ofis, wai ina tsayar da layi da "ya gida, ya iyali". Na tsaya na sha faɗan, na fito na ci gaba da abina.

Ranar aikin yanar ido ce. Likitan tiyata sau ɗaya yake zuwa a wata, sha biyu na yi kuma ya rufe jerin sunaye. Sha ɗaya da rabi aka shigo da wani tsoho ɗakin awo, ɗansa na jan sa da hannun riga, matarsa na biye da leda. Na duba katinsa. Yanar ido ta rufe masa idanun biyu. Sau biyu ana ɗage aikinsa saboda jininsa ya hau.

Sista ta karɓi katin, ta dubi ɗan. "Ya sha maganinsa?"

"Ya sha da safe."

Ta kama hannun tsohon, ta naɗa masa abin awon jini. Na ga ya zabura, ya ƙanƙame kujera. Na'ura ta nuna ɗari da casa'in da biyar bisa ɗari da biyar.

"Sai wata mai zuwa," in ji Sista.

Tsohon ya fara laluben sandarsa. "Babu wata mai zuwa. Kai ni gida. Na gama."

Na ce, "Sista, a ba ni minti goma."

"Mai Gaisuwa, mutum takwas ne a benci."

"Na gan su. A ƙa'ida sai mutum ya huta kafin awo, kuma in ya hau a sake. Haka aka koya min, haka aka koya miki."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce goma, ba sha ɗaya ba. Ta koma ɗaya teburin da na gaba a layi.

Na jawo kujera na zauna a gabansa. "Baba, ina kwana? Ni ce nas ɗin ɗakin nan, ina zaune a gabanka. Mama na damanka, ɗanka na bakin ƙofa."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Da ni kike?"

"Da kai nake, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata." Ya gyara zama. "Zuwana uku ke nan. Da ɗana kawai ake magana, kamar buhu ya kawo. Ni sai dai in ji hannu ya cafke ni."

Ɗan ya sunkuyar da kai. Na gaishe shi, na ce ya zauna, ya sha hanya. Na juya ga matar. "Mama, ya mai jiki?"

"Jiki da sauƙi, baki ne bai da sauƙi. Tela ne fa. Ido babu, amma kullum sai ya shafa rigata ya ce ɗinkin banza ne."

"Ɗinkin banza ne mana," in ji shi. "Matso, 'yata."

Na miƙa masa hannun rigata. Ya bi bakin ɗinkin da babban yatsa, ya yi tsaki. "Wanda ya yi wannan sauri yake."

"Duk nan sauri muke, Baba."

Ya yi dariya, kafaɗunsa suka sauka. Can ya rage murya. "Gaskiya ne ciro idon ake yi a ajiye a faranti?"

Ashe wata biyu yana ɗauke da wannan. Na ce masa ido yana nan a wurinsa. Za a kashe zafin wurin, yana farke, a cire yanar, a sa wani ɗan gilashi a madadinta. Zai ji ana taɓawa, in ya ji zafi kuma ya faɗa.

"Yanzu zan taɓa hannunka na hagu. Abin zai matse, sannan ya saki. Jingina, ƙafa a ƙasa, kuma ba magana."

"Wannan ce mai wuyar," in ji Mama.

Na auna, ɗari da sittin da takwas. Muka jira minti biyu shiru, na sake. Ɗari da hamsin da shida bisa casa'in. Na rubuta duka ukun, na kai wa Sista.

Ba ta yarda ba sai ta auna da kanta. Ta zo ta miƙa hannu, sai tsohon ya ɗago kai jin takun da ba nawa ba. Hannunta ya tsaya.

"Baba, sannu. Sista ce. Zan kama hannunka."

"Bismillah," in ji shi, ya miƙa mata.

Ɗari da hamsin da takwas. Ta sa hannu a katin, ta ce in kai shi da sauri, saura minti shida.

Ban ja shi ba. Na ba shi gwiwar hannuna ya riƙe, ina faɗa masa inda ƙofa take da inda za mu juya. A bakin ɗakin tiyata ya ce in kawo masa rigar nan bayan sati shida, ya warware ta ya sake.

Da na dawo, Sista ta ce, "Mai Gaisuwa, saura bakwai."

Na jawo kujerata gaban ta gaba a layi, wata tsohuwa da jikarta, na zauna.