Darasi a Kan Rufi

Malamin kimiyya bai nemi izinin kowa ba ranar da ya hau da ɗalibansa kan rufin makaranta. Da la'asar inuwar gini ta rufe farfajiya, shi kuwa rana yake nema. A can sama akwai tankin ruwa da tiyo. Akwai kuma gefen yamma, inda magina suka tafi ba su ɗora katanga ba. Hawa uku ne zuwa ƙasa. Ya san da haka, amma ɗokin darasi ya rufe masa ido, kuma wannan ba uzuri ba ne.

"Kowa ya juya wa rana baya," in ji shi. "Wanda ya fuskance ta ba zai ga komai ba."

Ya tsaya a gabansu, ya danne bakin tiyon da babban yatsa, ruwa ya tashi kamar yayyafi. Sai ga bakan gizo a tsaye cikin feshin, ja a waje, shuɗi da shunayya a ciki. Yara suka ɗauki ihu.

"Malam ya iya tsafi!" in ji Dogo, sarkin surutun aji.

"Tsafin gidanku. Hasken rana da kuke gani fari, launuka ne a haɗe. In ya shiga ɗigon ruwa sai ya karkata, kowane launi da tasa karkatar, sai su rabu. Su bugi bayan ɗigon daga ciki, su dawo idonku. Ku dubi inuwar kanku a ƙasa. Bakan ita yake kewayewa, shi ya sa kowa da nasa, kuma ba a kama shi."

Yana magana rana na dukan idonsa, fuskokin yaran ma ba ya gani sosai. Inuwoyinsu kawai yake gani, dogaye, a jere a kan siminti. Nan ya lura ɗaya ta fita daga jeri. Tana ja da baya.

Ya kare idonsa da hannu. Zabura ce, ƙaramar cikinsu, wadda aka laƙaba wa sunan saboda ko sunanta aka kira da ƙarfi sai ta yi tsalle. Manya sun tare mata, sai ta riƙa matsawa baya tana neman inda za ta gani. Yanzu dugaduganta na dab da bakin rufin, inda babu katanga. Ruwan da ya fesa ya malala har ƙarƙashin silifas ɗinta. Idonta na kan bakan, tana murmushi.

Malam ya yi saurin lissafi. In ya yi tsawa za ta zabura. In ya ruga, yaran za su waiwaya su kurma ihu.

"To," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Kada wanda ya waiwaya, rana za ta kashe muku ido. Kowa ya bi inuwarsa, ku taho wajena a hankali."

Suka taho suna ture-ture. Zabura ba ta motsa ba.

"Malam, ni nan ya fi fitowa," ta ce. "Har ƙasansa ina gani."

Ta ɗaga ƙafa ɗaya tana sosa ɗayar da ita.

Malam ya ja da baya. Ya kawar da feshin daga inda take ganin launi, ya saukar da shi daidai kan inuwar kanta, inda ya san bakan ba ya fitowa.

"Laa, ya ɓace!"

"Ya gudo nan ne. Zo ki kama shi."

"Malam ma dai," in ji Dogo, "ba kai ka ce ba a kama shi ba?"

"Rufe mini baki, Dogo."

Yadda ya faɗe ta, ajin ya yi tsit. Dogo ya soma juya wuya, malam ya kafe shi da ido har ya fasa. Ba a jin komai sai zubar ruwa da ƙarar motoci can ƙasa.

Zabura ta sauke ƙafarta. Silifas ya ɗan zame, ta daidaita. Ta tako, idonta na yawo cikin feshin. Malam ya ɗan karkata tiyon gefe, launi ya leƙo mata, ya sake ɗauke shi yana ja da baya. Ta biyo. Haka ya yi ta janta har ta shigo tsakiyar 'yan'uwanta.

Ya yar da tiyon ya damƙe hannunta.

"Wayyo Malam, da zafi! Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba, 'yata. Ku sauka, dukanku. Ku riƙe bango."

Silifas ɗinta ya bar sawu a kan siminti, na can bakin rufin rabinsa ne kawai ya fito. Malam ya daɗe yana kallonsa. Ya kashe famfo, ya kulle ƙofar rufin, ya wuce ofishin shugabar makaranta da makullin a hannunsa, wandonsa na ɗigar ruwa. Ta ce ya zauna. Bai zauna ba.