Filin da Ya Buɗe a Gemuna

Maiɗakina ce ta fara gani. Ina shirin fita shago ta ce in tsaya, ta kama haɓata ta juya ta wajen taga, ta ce, "Maigida, wa ya yi maka wannan aski? Ka gaya min in je in rama maka."

Ni kuwa aski ne sana'ata, kuma gemuna shi ne tallata. Duk wanda ya shigo shagona ya ga yadda na daidaita shi, ba sai na yi dogon bayani ba. Na ɗauki madubi na duba. A ƙarƙashin haɓa, ta ɓangaren hagu, ga wani fili zagayayye kamar an ɗora murfin kwalba an zana. Ba gashi ko ɗaya, fatar sumul, ba ƙaiƙayi ba zafi. Abin da ya fara zuwa raina shi ne makero. Makero a fuskar mai aski kuwa, ai a kulle shago kawai a tafi gida.

Sai na yi abin da hannuna ya saba. Akwai baƙin da muke shafa wa masu furfura da waɗanda gemunsu bai cika ba, na ɗauko na cike filin tsaf, na taje gashin gefe ya rufe. Wallahi aikin ya yi kyau, ni kaina sai da na yaba wa kaina. Haka na riƙa yi kullum da safe, filin yana ƙara faɗi ina ƙara baƙi.

Asirina ya tonu ne wata rana da aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi yana zuba. Benci cike da masu jiran layi, ina kan yi wa wani direba gyaran fuska, sai na ga ya zuba min ido ta madubi. Baƙin ya narke ya gangaro har wuyan rigata. Na sa tawul na goge ba tare da tunani ba, filin ya fito fes a gaban kowa.

Ana cikin haka Mai Nama ya shigo. Mahauci ne, rumfarsa tana ƙarshen layinmu, kuma ni nake masa aski tun yana saurayi. Ya naɗe fuska da mayafin wuya duk da zafin. Ya kalli haɓata, ya warware mayafin, ya ce, "Au! Ashe daga nan na kwaso!"

Kumatunsa ya kumbura ya yi jawur, ga ƙuraje, ga ɓawo, gashin wajen ya kakkarye. Yana magana yana sosawa.

"Ka san kana da cuta, ka rufe ta da baƙi kana goga mana inji a fuska? Haba Gajere, me na yi maka?"

Na ce masa ya iya bakinsa, ban taɓa sa inji a kan mutum ban share shi na wanke da sifirit ba. Amma wa zai saurare ni da baƙi a wuyan riga? Direban ya cire ƙyallen wuyansa ya ce yana da fasinja, da rabin gemu ya fita. Sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da uzurinsa.

Tun daga ranar kujerata ta zama ta ƙudaje. Ina zaune ina kallon mutanen da na san ƙeyarsu fiye da yadda matansu suka sani suna tsallaka titi zuwa shagon Dogo. Dogo shi ne ɗaya mai askin layin, ya girme ni, ya riga ni buɗe shago, kuma tun da na zo ba mu wuce gaisuwar ɗaga hannu ba. Ya ce na kwashe masa samari, ni na ce askinsa na zamanin da ne. Yanzu ga shi har waje ake jiransa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce lallai wannan mutumi dariya yake min a ciki.

Wata safiya ina kaɗe kujerar da ba wanda ya zauna a kai, sai ga shi a bakin ƙofa, ya sunkuyo da kai don kada ya bugi allon shagon. Bayansa Mai Nama ne yana cika yana batsewa.

Dogo ya ce, "Gajere, rufe shagon nan, asibiti za ku."

Na ce, "Ni da wa?"

"Kai da wannan. Ya zo in aske masa na ƙi, ba zan sa injina a wannan kumatu ba. Amma na kalli nasa, na hango naka, ban ga sun yi kama ba. Ni ba likita ba ne, kada in yi ƙarya. Ku je mai sani ya raba ku, na gaji da jin sunanka a shagona."

Na so in ce masa ina ruwansa, sai na kalli bencin da ba kowa, na ɗauki makulli.

A asibiti muka zauna benci ɗaya ni da Mai Nama, ya juya min ƙeya na juya masa. Da aka kira shi ya ce a'a, tare za mu shiga, yana so a faɗa a gabana. Likitar fata ce, mace mai ƙaramar murya, ta ce in mun amince mu biyun ba laifi.

Ta sa safar hannu ta fara da shi. Ta ja gashin wajen a hankali ya fito ba gardama. Ta taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinsa ya zabura, ta ce kaluluwa ce. Ta kankare ɗan ɓawon, ta haɗa da gashin a aika ɗakin gwaji. Sannan ta sake safa ta zo kaina da wani ɗan gilashi mai fitila. Ta daɗe tana dubawa, ta duba kaina, ta duba faratana, ta tambaye ni ko yana ƙaiƙayi, na ce ko kaɗan.

"Wannan jan da ke gefe fa?"

Na ce baƙi nake shafawa.

"To ka bari, fatar kake ɓata wa rai." Ta kankari nawa ma, ta ce don kowa ya huta.

Da muka koma karɓar sakamako ta zaunar da mu. Ta ce na Mai Nama makero ne, ƙwayar cuta ce dangin funfuna da ke shiga cikin gashi ta ci shi, shi ya sa yake karyewa, wajen ya yi ɓawo da ƙaiƙayi, wani lokaci har da mugunya. Ana ɗaukarsa daga mutum, daga mataji ko tawul ko injin aski, ana kuma ɗauka daga dabba. Man shafawa kaɗai ba ya kaiwa ga saiwar gashi, sai ya sha ƙwayoyi na makonni, ya kuma ware tawul ɗinsa da matashinsa.

Mai Nama ya nuna ni da baki. "To na faɗa!"

"Tsaya, Malam, ban gama ba. A nasa ba a ga komai ba. Nasa garkuwar jikinsa ce ta rikice take far wa saiwar gashinsa, gashin ya zube gaba ɗaya ya bar fata sumul, ba ɓawo ba ƙaiƙayi. Ba a ɗaukarsa. Ko goga fuskarka ka yi a tasa ba abin da zai same ka."

Mai Nama ya ce Allah ya kiyaye shi da goga fuska a tawa. Ta yi murmushi, ta tambaye shi sana'arsa. Da ta ji, ta ce ko yana lura da shanu ko maruƙa masu zagayayyen tabo fari-fari a fuska da wuya? Ya ce akwai wani maraƙi da ya ba su wuya wajen kayarwa, sai da ya rungume wuyansa.

"Ba zan rantse daga can ne ba," in ji ta, "amma irin wannan mai kumburi an fi samunsa daga dabba. Abin da na tabbatar, ba daga gemun wannan bawan Allah ba ne."

Ni kuma ta rubuta min man shafawa, ta ce sau da yawa gashin yana dawowa cikin watanni, yakan fara fitowa fari siriri kafin ya yi baƙi, kuma yana iya sake zubewa a wani wajen, in ya ƙi akwai allurar da ake yi a fatar. Ta ce tunda na yi wa Mai Nama aski a kwanakin, in kwance injina in tsaftace komai. Na ce da izinin Allah yau ɗin nan. Na fito kamar an sauke min buhu daga ka, ina ta sa mata albarka.

Mai Nama dai bai iya ba da haƙuri ba, amma ya yi abin da ya iya. Ya riƙa gaya wa masu sayen nama cewa maraƙi ne, ba Gajere ba. Sai dai mutane sun ji da kunne, idonsu kuma yana kan haɓata. Na daina shafa baƙi, filin yana nan a buɗe kowa yana gani. Sai su gaishe ni daga nesa, su ce Allah ya ƙara sauƙi, su tsallaka titi. Har na fara gaya wa maiɗakina ko in nemi shago a wata unguwa inda ba a san ni ba.

Ranar da layin Dogo ya fi kowace rana tsawo, da hantsi, ina zaune ina kallonsu, sai na ga ya ajiye inji ya ce wa mutanensa wani abu. Ya cire rigar aikinsa ya rataye, ya tsallako titi da dogayen ƙafafunsa, duk idon bencinsa na bin sa. Ya shigo, ya jawo kujerata har bakin ƙofa inda za a gan shi da kyau, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Gajere, aske min kai da gemu. Ka sa reza a gefen, kuma ka matso sosai, kada ka tsaya daga nesa kamar mai tsoron kare."

Na ce, "Yaya Dogo, mutanenka suna jira."

"Su jira. Wanda yake sauri ga benci nan a shagonka, ni hannu biyu gare ni."

Na ɗaura masa ƙyalle. Na yi ta cewa "Allah ya saka maka da alheri," har sau ba adadi. Ya ce in rufe baki in kula da kunnensa. Ya ɗaga haɓa ya rufe ido, na sunkuya a kansa, filin gemuna dab da goshinsa, na sa masa reza a wuya.

Ban ɗaga kai ba sai da na ji bencin bayana ya yi ƙara. Direban nan ne, ya zauna yana murza hula a hannu.

"Idan ka gama da shi," ya ce, "akwai rabin gemun da ka bar min."