Awon Tahira

Aina'u ba maƙaryaciya ba ce, amma in aka zo maganar ƙanwarta Sakinatu da ke aure a Jidda, bakinta yakan yi ƙari. A waya kullum gero ya yi kyau, yara sun yi ɓulɓul, maigida har kasuwar Dawanau yake kai wake. Mu da muke katanga ɗaya da ita a ƙauyenmu na Bagwai mun san tun kafin damina ta faɗi rumbun yake komawa wurin kwanan kaji.

Da saukar Alƙur'anin Tahira, babbar 'yarta, ta matso, Sakinatu ta ce za ta aiko wa yaran da kaya ta hannun wani mai dawowa daga Umra.

"Yaya, ki rubuta min awonsu a takarda, ki ɗauki hoto ki turo. A nan abaya da jallabiya da tsawo ake sayarwa, inci nawa daga kafaɗa zuwa idon sawu. Takalmi kuma lamba. Bilkisuna hamsin take sawa yanzu."

Wannan hamsin ɗin ce ta tsaya wa Aina'u a wuya, don Bilkisu da Tahira kusan lokaci ɗaya aka haife su. Ta aro tef wurin tela, ta tsayar da Tahira ba takalmi, ta ɗora bakin tef a kan kafaɗa ta sake shi ƙasa. Arba'in da biyu. Ta ce yarinyar ta daina ranƙwafawa, ta sake aunawa. Tef bai san kara ba, arba'in da biyu ya kuma nunawa. Ta sa ta taka kwali, ta zagaye ƙafar da biro, tela ya duba ya ce lamba talatin da uku ce.

Ta yagi takarda ta rubuta:

"Zuwa ga ƙanwata Sakinatu. Bayan gaisuwa mai yawa, ga awon yara. Tahira, abaya 52, takalmi 38. Zubair, jallabiya 46, takalmi 36, ƙato ne. Abdussalam, jallabiya 38, takalmi 31. Kada ki sayo matsattsu, yaran nan ci gare su. Taki, Aina'u."

Tahira ta leƙa. "Inna, ai ba haka tef ya ce ba."

"Tef ne ya haife ki? Za ki girma ki iske ta."

Ita dai Tahira abu ɗaya take so, ta zauna gaban jama'a ran walima da baƙar abaya mai duwatsu, ba da hijabin Islamiyyar da ya koɗe ba. Kowa ta haɗu da shi a bakin rijiya sai ta faɗa masa.

Kaya suka iso ana saura kwanaki kaɗan. Mai shagon can ya bi takarda tiryan-tiryan. Zubair ya zura jallabiya ya ɓace, sai kai. Abdussalam ya taka takalmi, ya yi gaba, takalmi ya tsaya. Abayar Tahira kuwa ta kwanta a ƙasa fiye da taƙi guda, hannuwan sun haɗiye yatsunta. Aka kai wa tela. Ya juya ta, ya ce duwatsun duk a gindi da bakin hannu aka jera su, in ya yanke ya zubar da adon, kuma ko ya naɗe tsawon, kafaɗar ta babbar mace ce.

Sakinatu kuma ta matsa sai an turo hoto. Aina'u ta kifa turmin daka yaji, ta ɗora Tahira a kai, abaya ta sauka ta rufe shi ruf. Ta tattare bayan da abin maƙale shanya guda uku, ta tura hannuwan ciki. Maza biyun aka ɓoye su a bayan yayarsu, kawuna kawai. Wallahi hoton ya yi kyau, har ni sai da na yaba.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Aina'u ta buɗe muryar wayar don mu ji yabo, muna tsakar gida ana sussukar gero.

"Masha Allah, Yaya, Tahira ta zama budurwa, ta ma fi Bilkisu. Kin ga kuwa wasiƙarki ta taimake ni. Da na tara mata kayan da suka yi wa Bilkisu kaɗan, jaka guda, abayoyi daga arba'in da biyu zuwa arba'in da shida, wasu sau ɗaya ta sa, har da takalma. Da na ga awon na ce wannan ai raini ne, ko wuyanta ba za su shiga ba. Na ba wata maƙwabciyata mai yara."

Taɓare suka tsaya. Tahira na bakin murhu tana goge hijabinta na Islamiyya da dutsen guga na gawayi, don gobe walima. Ta ɗago ta dubi uwarta, ta ci gaba da guga. Tausayin yarinyar nan ya kama ni, har na kau da kai.

"Yaya, kina ji na?"

"Ina ji," in ji Aina'u. "Kin kyauta. Ai da ba su shige ta ba."